Yadda Ake Magana a Kan Masifa Cikin Mutunci Ba Tare da Shaci-Faɗi Ba: Darasi Daga Gobarar Tankar Majiya

A daren Talata 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar man fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru a Jihar Yobe ta kife a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa. Man ya malale cikin magudanar ruwa da ke gefen titi, jama'a suka taru, sannan wuta ta tashi. Da safiyar Laraba rundunar 'yan sandan jihar ta ce mutum 94 sun rasu. Kafin dare ya yi adadin ya haura 140, kuma a ranar aka yi jana'izar bai-ɗaya a garin. Bayan mako guda ana maganar 181, sannan a watan Nuwamba kwamitin binciken da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya miƙa rahoto da adadin mutum 209.

Na zaɓi wannan lamari ne domin duk wani tuntuɓe da harshe ke yi a lokacin masifa yana da gurbi a cikinsa: adadin da ke sauyawa, musabbabin da kowa ke jin ya sani, da mamatan da ke da sauƙin zargi. Duk wanda zai yi magana a kan irin wannan labari, ko a majalisa, ko a bakin masallaci, ko cikin mota, ko a saƙon da zai tura wa 'yan uwa, ya kamata ya ƙaddara cewa mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan tana zaune a inda za ta ji shi. Wannan ba ƙari ba ne, domin a ƙasar Hausa auratayya da kasuwanci da almajiranci sun haɗa garuruwa, kuma da wuya a yi rashin mutum ɗari biyu a Taura ba tare da ya taɓa wani gida a Ringim ko Haɗeja ko Kano ba. Matakan da ke tafe duk daga wannan tunanin suka fito.

Mataki na farko: ka raba abin da ka ji gida uku

Labarin masifa ba ya zuwa tsantsa. Yakan iso ne a cakuɗe, gaskiya da ji-ta-ji-ta da hasashe duk a cikin numfashi ɗaya, kuma saboda an faɗe su tare sai mai sauraro ya ɗauka nauyinsu ɗaya ne. Aikinka na farko, kafin ka buɗe baki, shi ne ka tsince su kamar yadda ake tsintar tsakuwa daga shinkafa.

A ɗauka safiyar Larabar nan ce, wani ya zo ya ce maka: "Tanka ta kama da wuta a Majiya, sama da mutum ɗari uku sun mutu, wai wani ne ya kunna taba, kuma an ce direban a buge yake." Magana ce guda, amma abubuwa huɗu ne a cikinta. Cewa tanka ta kama da wuta a Majiya abu ne tabbatacce, domin 'yan sanda sun sanar, kuma gidajen rediyo sun ɗauka daga bakinsu. Adadin ɗari uku ba shi da uba, domin mai maganar bai ce wa ya ƙirga ba, alhali hukumar da ke wurin ta ce 94. Zancen taba ya zo da kalmar "wai", zancen direba kuma ya zo da "an ce", kuma waɗannan kalmomi biyu su ne alamar da mai magana ke nuna maka, ko da bai sani ba, cewa shi ma ba zai iya tsayawa a kan abin da yake faɗi ba.

Saboda haka sai ka yi gida uku. Gida na farko shi ne abin da wata majiya mai suna ta tabbatar: 'yan sanda, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa wato NEMA ko takwararta ta jiha, hukumar kiyaye haɗurra, shugaban asibiti, ko ɗan jaridar da ya je wurin da ƙafarsa. Gida na biyu shi ne abin da ake faɗi amma ba a san wanda ya fara faɗinsa ba. Gida na uku shi ne abin da kai kanka kake zato, kuma wannan ya fi sauran haɗari, domin zato yakan zo wa mutum da kamannin basira, ya ji kamar ya gano abin da wasu suka kasa ganowa. Daga gida na farko kaɗai za ka ɗebi abin da za ka faɗa wa jama'a. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci muminai su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da wasu mutane cikin rashin sani su wayi gari suna nadama, kuma hadisin da Imamu Muslim ya kawo ya bayyana cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Abin lura a hadisin shi ne mutum zai iya zama mai yaɗa ƙarya ba tare da ya ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba.

Mataki na biyu: kada ka faɗi adadi sai da majiyarsa da lokacinsa

A nan mutane da yawa masu kyakkyawar niyya suke zamewa. Idan aka ce 94 da safe, aka ce 140 da yamma, sai wani ya ce hukuma tana ɓoye gaskiya, wani kuma ya ce 'yan jarida ne ke zuzuta abin. Sanin dalilin da ya sa adadi ke hawa zai kare ka daga faɗawa cikin kowanne daga waɗannan.

Adadin farko ƙirge ne na gawawwakin da aka gani a wurin, cikin duhu da ruɗani. Waɗanda suka jikkata a Majiya an rarraba su ne zuwa asibitoci daban-daban, wasu Ringim, wasu Haɗeja, wasu Dutse, wasu har Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma haɗa bayanan waɗannan wurare yana ɗaukar lokaci. Sannan ƙuna tana da halinta. Wanda wuta ta ci kaso mai yawa na fatarsa yana iya isa asibiti yana magana da hankalinsa, amma jikinsa yana ta zubar da ruwa ta wurin ƙunar, wanda hakan ke iya durƙusar da ƙoda a kwanakin farko. Idan ya tsallake wannan, ƙwayoyin cuta na iya shiga ta inda fata ta salube, su bi jini bayan kwanaki ko makonni. Wanda ya shaƙi hayaƙi mai zafi kuma maƙogwaronsa da huhunsa na iya kumbura daga baya. Wannan ne ya sa a gobara irin ta Majiya adadin mamata ke ci gaba da ƙaruwa har tsawon makonni, ba tare da wani ya yi ƙarya a ranar farko ba.

Yadda za ka faɗi adadi, ke nan, shi ne ka haɗa shi da abubuwa biyu: wa ya faɗa, kuma yaushe. Maimakon ka ce "mutum 94 sun mutu", sai ka ce "zuwa safiyar yau 'yan sanda sun ce mutum 94 ne suka rasu, kuma akwai waɗanda ke kwance a asibiti". Jimlar farko za ta zama kuskure kafin la'asar, ta biyun kuwa za ta ci gaba da zama gaskiya har abada, domin ta faɗi abin da aka sani a lokacin da aka san shi. Idan majiyoyi biyu masu suna suka saɓa, ka faɗi duka biyun, kada ka zaɓi mafi girma don ya fi girgiza mai sauraro. Ƙara adadi ba ya ƙara wa mamata daraja, kuma idan aka gano ƙarin, sai a fara shakkar har abin da yake gaskiya.

Mataki na uku: ka bar musabbabi ga masu bincike

Zuciya ba ta son masifar da ba ta da dalili, shi ya sa da zarar an ji gobara sai a fara neman wanda ya kunna ta. Amma wanda ya san halin fetur zai yi jinkiri. Abin da ke fara kamawa ba ruwan man ba ne, tururinsa ne, kuma fetur yana fitar da tururi ko da a cikin tsananin sanyi. Wannan tururi ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse, sai ya kwanta a ƙasa ya bi kwata da rami da gangara, ya yi nisa da inda tankar take. Idan ya gauraya da iska, ƙaramin tartsatsi ya ishe shi: gogar bokitin ƙarfe da kwalta, tayar da babur, wayar batirin mota, garwashin mai shayi ko mai tsire da ke can gefe. A wurin da ɗaruruwan mutane ke kai-komo cikin dare, kuma mafi yawan waɗanda suka fi kusa da inda wutar ta faro su ne suka rasu, wanda ke zaune a wani gari ba shi da hanyar sanin wane tartsatsi ne ya yi sanadi.

Haka zancen direba yake. Kifewar tanka na iya zuwa daga gudu, ko gyangyaɗi, ko lalacewar birki, ko fashewar taya, ko ramin titi, ko ƙoƙarin kauce wa wata mota, kuma sau da yawa abu biyu ko uku ne ke haɗuwa. Idan ka ce direban a buge yake ba tare da hujja ba, ka jingina wa wani bawan Allah laifin kisan ɗaruruwan mutane, kuma shi ma yana da iyaye da 'ya'ya da ke jin abin da ake faɗi. Ban da alhakin da ke ciki, dokar Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa ta ɗauki ɓata suna a matsayin laifi a sashe na 391 da na 392, kuma cewa "ni ma ji na yi" ba ya wanke wanda ya yaɗa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane cewa maganarka ta shiga shaci-faɗi. Ka saurari farkon jimlarka. Idan ta fara da "ai dama", ko "ni na san", ko "ba mamaki", ko "ruwa ba ya tsami banza", to abin da zai biyo baya daga kanka ya fito, ba daga wurin da abin ya faru ba. Sannan ka tambayi kanka: da wani zai ce mini "ya aka yi ka sani?", wace amsa zan ba shi? Idan amsar ita ce "kowa ma ya sani" ko "haka suke yi kullum", to ba ka da amsa.

Mataki na huɗu: kada ka yanke hukunci a kan niyyar mamaci

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci a wurina, kuma shi ne wanda aka fi takawa a lamarin Majiya, domin an san cewa mutane sun je ɗibar man da ya zube. Nan take bakuna suka rabu biyu. Wasu suka ce kwaɗayi ne ya kashe su, wasu suka ce talauci ne ya kashe su. Maganar farko zalunci ce a fili. Ta biyun tana kama da tausayi, amma ita ma tana da nata aibin.

Mai cewa kwaɗayi ne ya yi wa mutum sama da ɗari biyu kuɗin goro, alhali bai san abin da ya fito da kowannensu daga gida ba. A duk inda aka yi haɗari a bakin titi cikin gari, akwai wanda ya fito don ya ji ƙara, akwai wanda ya zo neman ƙanensa don ya kora shi gida, akwai wanda ya zo taimako, akwai mai shago da mai wucewa. Wuta ba ta tambayi kowa abin da ya kawo shi ba. Ko wanda ya je ɗibar man ma ya riga ya tafi inda za a yi masa hisabi da cikakken sani, kuma hadisin da Imamu Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Kalmomi irin su "su suka jawo wa kansu" ko "maganinsu ke nan" ba sa isa kunnen mamaci. Wanda suke samu shi ne uban da ya binne 'ya'yansa, kuma a wurinsa fami ne a kan gyambon da bai ko fara kamewa ba.

Mai cewa talauci ne yana da hujjar da ake gani, domin an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma a watan Oktoban 2024 lita ɗaya ta kai kimanin naira dubu, har ta wuce a wurare da yawa. Babu laifi a ambaci wannan a matsayin halin da ƙasa take ciki. Inda matsalar take shi ne a mayar da mamatan hujjar cin nasara a gardamar siyasa tun ba a gama haƙa kabari ba, ko a siffanta su duka da mayunwata waɗanda ba su da zaɓi, wanda shi ma wani nau'i ne na rage musu mutunci. Iyalansu sun san su da sunayensu da sana'o'insu, manomi da ɗalibi da ɗan kasuwa, ba su san su a matsayin misali ba.

To, ina gargaɗi zai shiga? Gargaɗi wajibi ne, domin watanni uku kacal bayan Majiya, a ranar 18 ga Janairu, 2025, an sake yin irin wannan gobara a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja, inda mutane da dama suka rasu. Amma gargaɗi yana fuskantar rayayyu ne da abin da ke gaba. Ka ce: "Idan tanka ta faɗi, a yi nesa da ita sosai, a bi ɓangaren da iska ke tahowa, kada a tsaya a gangare ko kusa da kwata, kada a tayar da babur ko mota a kusa, a hana yara zuwa, a kira 'yan kwana-kwana." Wannan magana za ta iya ceton rai, kuma babu kalma ɗaya a cikinta da za ta sa mahaifiyar mamaci ta sunkuyar da kai. Lokacinta ma yana da kyau a duba: a wurin zaman makoki addu'a ake yi, faɗakarwa kuwa wurinta huɗuba ne da makaranta da taron unguwa.

Mataki na biyar: ka yi ta'aziyya da jaje da kalmomin da aka gada

Hausa ba ta bar mu cikin neman abin faɗi ba. Ga wanda ya rasu ana cewa "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙan su, ya gafarta musu, ya ba iyalai haƙurin rashi". Ga wanda ke kwance ana cewa "Allah ya ba su lafiya, ya sa kaffara ne". Ga gari baki ɗaya ana cewa "Allah ya tsayar nan, ya kiyaye gaba". Ta'aziyya ta rashin rai ce, jaje kuwa na rauni ne da asarar dukiya, kuma a masifa irin wannan ana buƙatar duka biyun. Idan ba ka san addinin waɗanda abin ya shafa ba, ko ka san akwai waɗanda ba Musulmi ba a cikinsu, roƙa wa iyalai haƙuri da juriya, da roƙa wa majinyata sauƙi, magana ce da ta game kowa. Abin da ke ɓata ta'aziyya shi ne a liƙa mata "amma" a ƙarshe. "Allah ya jiƙan su, amma gaskiya mutanenmu ba sa jin magana" ba addu'a ba ce, zargi ne da aka yi wa rawani.

Game da sunaye, kada ka zama farkon wanda zai ambaci cewa wane ya rasu. Sanar da mutuwa hakkin dangi ne, kuma a al'adarmu akan zaɓi dattijo mai natsuwa ya je ya faɗa wa iyaye ko mata cikin lallashi. A gobara kuma gane gawa yana da wuya, ta yiwu wanda aka ce ya rasu yana kwance a wani asibiti. Hotunan gawawwaki da na masu ƙuna kuwa kada ka nuna, kada ka tura, ko da da sunan wa'azi ne. Mu da muke suturta mamaci da likkafani, muke kare shi daga idon jama'a tun daga wanka har kabari, bai dace mu riƙa yawo da tsiraicinsa a cikin wayoyinmu ba.

Idan muka koma ga saƙon safiyar Laraba, ga abin da zai rage bayan an bi waɗannan matakai: "An yi gobarar tankar mai a Majiya da ke Taura cikin daren jiya. Zuwa safiyar nan 'yan sanda sun ce mutum 94 sun rasu, an kai waɗanda suka jikkata asibitoci. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba majinyata lafiya, ya ba iyalai haƙuri. Duk mai ɗan uwa a yankin ya tuntuɓe shi." Ɗari ukun ya fita, taba ta fita, direba ya fita, kuma babu abin amfani da aka rasa.

Mataki na shida: ka yi tambaya, kada ka ba da amsar da ba ka da ita

Kada a fahimci abin da ya gabata da cewa mutunci shi ne yin shiru a kan sakacin hukuma. Neman bahasi hakkin jama'a ne, kuma yin sa cikin tsabta shi ne ke sa ya yi tasiri. Lamarin Tudun Biri ya nuna wannan. A daren Lahadi 3 ga Disamba, 2023, an jefa bam daga sama a kan masu taron Mauludi a wannan ƙauye na Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Da yake daga sama abin ya zo, mutane da yawa suka ɗora wa rundunar sojin sama, kuma zato ne da ke kama da hankali. Rundunar ta musanta, sannan daga baya aka gano cewa jirgi marar matuƙi na rundunar sojin ƙasa ne ya kai harin. Sojin ƙasa suka amsa, babban hafsansu na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya ba da haƙuri. NEMA ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty International kuwa ta ce adadin ya haura 120.

Wanda ya tsaya a kan tambaya, ya ce "wace runduna ce ta kai harin, wa ya ba da umarni, wane bincike aka yi kafin a saki bam, me za a yi wa iyalai", maganarsa ta tsaya daram kafin amsawar sojin ƙasa da bayanta. Wanda ya riga ya nuna yatsa ga rundunar da ba ita ba ya ba da ƙofar da za a ce masu kuka ba su san abin da suke faɗi ba. A Majiya ma tambayoyin da suka dace suna nan: a wane hali tankar take kafin ta hau titi, tsawon wane lokaci aka ɗauka tsakanin kifewarta da tashin wuta, ina motar kashe gobara mafi kusa, kuma asibitocin yankin suna da kayan kula da masu ƙuna? Irin waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma akwai ofishin da za a iya tsarewa da su.

Sai dai a kula da tambayar da ba tambaya ba ce. "Anya ba da gangan aka yi don a rage mu ba?" zargi ne da aka sa wa alamar tambaya. Haka nan, a duk lamarin da ya shafi hari ko rikici, kada ka jingina laifi ga ƙabila ko addini ko yanki. Wanda ya aikata laifi mutum ne mai suna, kuma idan aka kira sunan ƙabilarsa maimakon nasa, wanda zai biya bashin shi ne baƙon da ke sayar da kaya a wata kasuwa mai nisa, wanda bai ma ji labarin ba tukuna.

Mataki na bakwai: gyaran maganar wani, da gyaran taka

Za ka tarar da wanda ke yaɗa zato, kuma sau da yawa ya girme ka. Ƙaryata babba a gaban jama'a yakan sa ya ƙara kafewa, don haka ka bi ta hanyar tambaya da ba da uzuri. Kana iya cewa: "Baba, Allah ya ƙara girma, ni abin da na ji a rediyo daga bakin 'yan sanda 94 ne, ko ku kun ji wani sabon bayani?" Ga malami kuma: "Allah ya gafarta Malam, zancen direban nan an tabbatar da shi kuwa, ko mu jira rahoton bincike?" Da haka ka ajiye gaskiya a gaban mutane, ka kuma bar masa hanyar janyewa da mutuncinsa. Idan sa'anka ne kuma maganar ta taɓa mamata, ka ja shi gefe ka tuna masa cewa wataƙila akwai mai rashi a cikin masu sauraro. Idan ya nace, ka faɗi abin da aka tabbatar sau ɗaya ka yi shiru, domin jayayya a kan gawa ita kanta rashin girmamawa ce.

Idan kuwa kai ne ka faɗi abin da daga baya ya zama ba haka ba, ka koma wurin mutanen da ka faɗa wa, ba wasu ba, ka gyara da irin ƙarfin muryar da ka yi maganar farko. Ka ambaci kuskuren da sunansa: "Jiya na ce muku wane yana cikin waɗanda suka rasu, ashe yana asibiti yana jinya, kuskurena ne, don Allah duk wanda ya isar da maganata ya isar da wannan gyara." Idan maganar ta taɓa mutuncin wani ko ta tayar da hankalin wani gida, gyara a bainar jama'a bai wadatar ba, sai ka taka ka je gidan, ko ka nemi dattijon da suke jin nauyinsa ya raka ka, ka nemi afuwarsu.